Mahaɗar layi biyu: yadda ake gwada dabarar ciniki da Python kafin a zuba kuɗi

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar cinikin hannun jari ko ta kuɗin kirifto a wayarsa ya ga layuka guda biyu da ke bin bayan farashi, ɗaya yana rawar ƙafa, ɗaya yana tafiya a natse. Masu koyar da ciniki kan ce idan mai saurin ya ƙetare mai nauyin ya yi sama, ka saya. Idan ya ƙetare shi ya yi ƙasa, ka sayar. Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Abin da ya ba ta daraja a wurina shi ne ba a bar ta a cikin duhu ba. An faɗi lokacin shiga, an faɗi lokacin fita, saboda haka ana iya ɗauko farashin shekarun baya a tambaye shi: da mutum ya bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa, nawa zai samu, nawa zai rasa? Shirin Python da zai amsa tambayar bai kai layi ashirin ba, kuma mai ƙaramar kwamfuta zai iya rubuta shi da yamma ɗaya. Wahalar tana wajen hana shirin yi maka daɗin baki.

Kowane layi daga cikin biyun matsakaicin farashi ne mai tafiya. Kamar mai sayen masara ne da ke rubuta farashin buhu kowace ranar kasuwa, sannan ya tara na makonni huɗun ƙarshe ya raba huɗu. Mako mai zuwa sai ya jefar da mafi tsufa ya saka sabo. Haka ake yi da farashin rufe kasuwa na kowace rana. Wanda aka fi sani shi ne haɗin kwana 50 da kwana 200. Na kwana 50 yana saurin jin canji. Na kwana 200 kuwa yana jan ƙafa, domin farashin yau kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari biyu na abin da ke cikinsa. A lissafi, matsakaicin kwana 200 yana nuna inda farashi yake kusan kwanakin ciniki 100 da suka wuce, wato wajen wata biyar, tunda kasuwar Amurka tana buɗewa kimanin kwana 252 a shekara. A riƙe wannan jinkiri, domin amfanin dabarar da illarta duk daga gare shi suka fito.

Kayan aikin biyu ne: Python da ɗakin karatunsa na lissafin jadawali mai suna pandas, wanda Wes McKinney ya fara rubutawa a 2008 lokacin yana aiki a wani kamfanin zuba jari, don irin wannan aiki. Ana saka shi da umarnin `pip install pandas`. Sai fayil ɗin CSV mai ginshiƙai biyu, `Date` na kwanan wata da `Close` na farashin rufewa. Wuri mai kyau na farawa shi ne SPY, asusun da ke bin ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka, domin ana cinikinsa tun Janairun 1993, kuma tarihinsa ya ƙunshi shekarun daɗi da na wuya.

```python
import pandas as pd

df = pd.read_csv("farashi.csv", parse_dates=["Date"], index_col="Date")
df = df.sort_index()
df["gajere"] = df["Close"].rolling(50).mean()
df["dogo"] = df["Close"].rolling(200).mean()
df = df.dropna()
```

Umarnin `sort_index()` yana jera ranakun daga tsohuwa zuwa sabuwa. Wasu fayilolin suna zuwa a juye, kuma idan ba a gyara ba, shirin zai yi lissafinsa lafiya lau amma da baya yake tafiya. Shi kuma `rolling(200).mean()` ba zai ba da amsa ba sai ya tara kwana 200, don haka layuka 199 na farko za su fito da `NaN`, alamar babu komai. `dropna()` ne ke share su, ta yadda dabarar da abin da za a kwatanta ta da shi za su tashi daga rana ɗaya.

Yanzu sai wurin da ya fi ko'ina muhimmanci.

```python
df["alama"] = (df["gajere"] > df["dogo"]).astype(int)
df["matsayi"] = df["alama"].shift(1).fillna(0)
df["canji"] = df["Close"].pct_change().fillna(0)
```

`alama` tana zama 1 a ranar da gajere ke sama da dogo, 0 idan yana ƙasa. `canji` shi ne yadda farashi ya motsa daga rufewar jiya zuwa ta yau. `matsayi` kuwa yana faɗin ko muna riƙe da hajar a wannan rana, kuma an samo shi ne ta tura alamar gaba da kwana ɗaya. Dalilin wannan turawa shi ne matsakaicin yau yana ɗauke da farashin rufewar yau. Ba ka san shi ba sai an tashi kasuwa. Ba yadda za a yi ka ci ribar motsin yau da labarin da bai iso gare ka ba sai bayan motsin ya ƙare.

A baki abin kamar ƙarami ne, don haka mu gwada da lambobin da za a iya bi da alƙalami. Ga farashin kwana goma da na tsara don misali, a naira: 100, 98, 96, 95, 104, 107, 108, 99, 97, 98. Mu rage matsakaitan zuwa kwana 2 da kwana 4. A rana ta huɗu gajere yana 95.5, dogo yana 97.25, babu saye. A rana ta biyar farashi ya yi tsalle zuwa 104, gajere ya koma 99.5, dogo 98.25. Ga mahaɗa ta sama. A rana ta shida da ta bakwai gajere yana nan a sama. A rana ta takwas farashi ya rikito zuwa 99, gajere ya zama 103.5, dogo 104.5. Ga mahaɗa ta ƙasa.

Mutum na gaske ya ga alamar saye ne a ƙarshen rana ta biyar, lokacin farashi ya riga ya kai 104. Ya ga alamar sayarwa a ƙarshen rana ta takwas, farashi yana 99. Ya saya a 104 ya sayar a 99, ya yi asarar kusan kashi 4.8 cikin ɗari. Naira 100,000 ta koma wajen 95,200. Amma shirin da aka manta wa `shift(1)` zai ninka alamar rana ta biyar da canjin rana ta biyar, wato ya ɗauka ka saya a 95, kafin tsallen. Zai kuma ɗauka ka fita a 108, kafin faɗuwar. Sai ya buga maka ribar kashi 13.7, naira 113,700. Farashi ɗaya, ƙa'ida ɗaya, amma kalma guda a cikin shiri ta mai da asara riba. Kuma Python ba zai yi gargaɗi ba, domin a wajensa babu kuskuren rubutu.

Akwai alamun da ake gane wannan cuta da su. Layin ribar yakan hau sumul, kusan babu gangara, kuma idan aka rage kwanakin matsakaitan sai ribar ta ƙara kumbura, domin shirin yana leƙen gobe sau da yawa. Hanya mafi tabbaci ita ce a buga layuka goma da ke kewaye da mahaɗa ɗaya a duba da ido: ranar da `alama` ta koma 1, dole `matsayi` ya kasance 0 tukuna. Ni ina ganin ya kamata a ƙara gwadawa da `shift(2)`. Ko `shift(1)` ɗin yana ɗauka ne cewa ka samu saye daidai a farashin rufewar da ya haifar da alamar, abin da ba kowa ke iya yi ba. `shift(2)` yana nufin ka ga alama yau da dare, ka saya a rufewar gobe. Dabarar da ribarta ta watse saboda jinkirin kwana ɗaya ba ta da ƙwari tun asali.

Sai la'ada, da kuma ma'aunin kwatanci.

```python
caji = 0.001
df["ciniki"] = df["matsayi"].diff().abs().fillna(0)
df["riba"] = df["matsayi"] * df["canji"] - df["ciniki"] * caji
df["dabara"] = (1 + df["riba"]).cumprod()
df["rike"] = (1 + df["canji"]).cumprod()
```

`diff().abs()` yana ba da 1 duk ranar da matsayi ya sauya, saye ko sayarwa, sai a cire `caji` a ranar. Na sa 0.001, wato kashi 0.1 cikin ɗari, a matsayin misali kawai. Kowa ya duba takardar da dillalinsa ke ba shi bayan ciniki ya tara duk abin da ake yanka, sannan ya ƙara ratar da ke tsakanin farashin mai saye da na mai sayarwa. Wanda zai gwada dabarar da hannun jarin kasuwar Legas zai ga lambar ta ninka wannan sau da yawa idan an haɗa la'adar dillali da kuɗaɗen hukumomi da haraji. Lissafin illar mai sauƙi ne. Dabarar da ke shiga da fita sau goma a shekara ta yi ciniki ashirin. A kan kashi 0.1 ta biya wajen kashi 2 a shekara. A kan kashi 1 kuwa ta biya kusan kashi 18 na jarin, kafin a fara maganar riba. Shi ya sa haɗin gajerun kwanaki irin 5 da 20, mai yawan juyi, yakan yi kyau a takarda ya mutu a hannun dillali.

`cumprod()` yana ninka ribar kowace rana a kan ta jiya, don a ga abin da naira ɗaya ko dala ɗaya ta zama. Ginshiƙin `rike` shi ne mutumin da ya saya ranar farko ya kwanta abinsa, bai sake duba layi ba. Ba a yanke wa dabara hukunci sai an ajiye ta kusa da shi. Idan shiri ya ce kuɗinka ya ninka uku, abin farin ciki ne, har sai ka ga na mai kwanciya ya ninka biyar.

A nan farashin da aka zaɓa yana iya karkatar da alƙalanci ba tare da an lura ba. Kamfanoni suna raba riba ga masu hannun jari, kuma farashin rufewa tsura ba ya nuna wannan kuɗi. Mai riƙewa yana karɓar kowane rabo, mai bin layi kuwa yana rasa wanda aka yi yana waje. Idan aka yi gwaji da farashi tsura, an cuci mai riƙewa fiye da mai bin layi, sai dabarar ta fito da kyan da ba nata ba. Maganin shi ne a yi amfani da farashin da aka daidaita, wanda a fayiloli da yawa ake kira `Adj Close`. Shi ne kuma ke gyara tsaga hannun jari. A ƙarshen Agustan 2020 kamfanin Apple ya tsaga kowane hannun jari gida huɗu. A fayil ɗin da ba a daidaita ba, ranar za ta fito kamar farashi ya faɗi da kashi 75, alhali ba wanda ya rasa ko kwabo. Umarnin `df["canji"].abs().nlargest(5)` zai nuna ranaku biyar mafi girman motsi, kuma ya dace a bi su ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kasuwa ce ta motsa, ba fayil ne ya gurɓace ba.

Shirin kamar yadda yake yana ɗauka cewa kuɗin da ke ajiye lokacin da aka fita kasuwa ba ya haifar komai. Masu bincike na Turai da Amurka sukan ƙara masa kuɗin ruwan takardun lamuni na gwamnati. Ga mai karatun da ba ya karɓar kuɗin ruwa, sifilin shi ne lissafi na gaskiya, kuma idan ya ga sakamakon wani ya fi nasa, wannan na iya zama dalili.

To, me ake gani idan aka kunna shirin a kan ma'aunin S&P 500 da 50 da 200? Shekaru biyu sun isa su nuna halin dabarar. A Oktoban 2007 ma'aunin ya kai ƙololuwa a 1,565, sannan ya gangara har 676 a Maris na 2009, faɗuwar kusan kashi 57. Gangarar ta ɗauki wata goma sha bakwai. Mahaɗar ƙasa ta zo a Disambar 2007, ma'auni yana kusa da 1,480, ta sama kuma ta dawo a ƙarshen Yunin 2009 yana kusa da 900. Wanda ya bi ƙa'idar bai sayar a ƙololuwa ba, bai kuma saya a gindi ba, amma ya tsallake mafi munin rikicin, kuma kuɗin da ya fita da su sun sayo masa hannun jari fiye da ɗaya da rabi na abin da ya sayar. Jinkirin wata biyar ba matsala ba ne idan bala'in zai yi shekara da rabi yana sauka.

A 2020 labarin ya juye. Annobar korona ta kayar da ma'aunin daga 3,386 a ranar 19 ga Fabrairu zuwa 2,237 a ranar 23 ga Maris, kusan kashi 34 cikin mako biyar. Layukan ba su haɗu ba sai a ƙarshen Maris, bayan kasuwa ta riga ta taɓa ƙasa ta fara tasowa, ma'auni ya haura 2,600. Alamar komawa kuma sai a Yuli, yana sama da 3,100. Mai bin ƙa'ida ya sha mafi yawan faɗuwar, ya fita, sannan ya dawo ya saya da tsadar kusan kashi 20. A fayil ɗin SPY da aka daidaita ranakun na iya gocewa kaɗan, amma hoton ba ya canjawa. Dabarar tana amfani idan farashi ya kama hanya ɗaya ya daɗe a kanta. Tana cutarwa idan ya faɗi da sauri ya tashi da sauri, ko kuma ya tsaya yana kai da komo a wuri ɗaya, inda layukan ke ta saɓa wa juna, kowace mahaɗa tana yankar 'yar asara da la'ada.

Saboda haka lambar ƙarshe ta riba ba ta isa ba. Ana buƙatar wasu biyu.

```python
for suna in ["dabara", "rike"]:
    faduwa = (df[suna] / df[suna].cummax() - 1).min()
    print(suna, round(df[suna].iloc[-1], 2), round(faduwa, 2))
print("ciniki:", int(df["ciniki"].sum()))
```

`faduwa` tana auna rami mafi zurfi da jarin ya taɓa shiga daga ƙololuwarsa. Wannan ce lambar da ke faɗin ko mutum zai iya jurewa, domin wanda ya ga rabin dukiyarsa ya narke sau da yawa yakan sayar a firgice, ya watsar da kowace ƙa'ida. A irin tarihin da ya ƙunshi 2008, a nan ne dabarar 50 da 200 ke nuna ƙarfinta: raminta bai kai na mai riƙewa zurfi ba. Lamba ta biyu, yawan ciniki, tana sanyaya jiki. A shekara talatin, saye da sayarwar wannan haɗi duka ba za su kai hamsin ba. Jadawalin yana da layuka dubbai, amma shawarwarin da aka yanke 'yan kaɗan ne, kuma biyu ko uku daga cikinsu ne suka ɗauki nauyin sakamakon. Yana da kyau a cire 2008 daga lissafi a ga abin da ya rage.

Da zarar shiri ya fara aiki, sai zuciya ta raya wa mutum ya canja lambobin. Me zai hana 40 da 180, ko 47 da 190? Da layi huɗu za a iya sa kwamfuta ta gwada haɗi dubu ta zaɓo wanda ya fi riba. Tabbas za ta samo wani mai ban sha'awa, domin cikin gwaji dubu dole wani ya dace da tarihi ko da sa'a ce zalla. Masana ma sun yi fama da wannan tambaya. A 1992 Brock da Lakonishok da LeBaron sun wallafa bincike a kan ma'aunin Dow Jones daga 1897 zuwa 1986, suka ga ƙa'idojin matsakaicin farashi suna da ɗan ikon hasashe. A 1999 Sullivan da Timmermann da White suka faɗaɗa aikin zuwa ƙa'idoji kusan dubu takwas, suka yi la'akari da yawan gwajin da aka yi kafin a zaɓi gwani. A tsohon zangon, ƙa'idojin da suka fi kyau sun tsira daga wannan bincike. Amma a shekaru goman da suka biyo bayan 1986, fifikon bai sake bayyana ba.

Abin da mai ƙaramin shiri zai ɗauka daga nan shi ne ya raba tarihinsa gida biyu tun kafin ya fara wasa da lambobi. Da pandas abu ne mai sauƙi: bayan an lissafa matsakaitan, `df.loc[:"2009"]` shi ne zangon koyo, `df.loc["2010":]` kuma zangon jarrabawa, sai a sake `cumprod()` a kan kowane zango daban don kowanne ya tashi daga ɗaya. A zaɓi lambobi a na farko, a rubuta su a takarda, sannan a kunna na biyu sau ɗaya tak. Wanda ya leƙa sakamakon na biyu ya koma ya gyara lambobinsa ya mai da shi zangon koyo, ba shi da sauran jarrabawa. A duba maƙwabtan haɗin da aka zaɓa kuma. Idan 47 da 190 ya yi fice amma 45 da 185 da 50 da 200 duk sun gaza, to ya dace da wata rana ɗaya ce a tarihi, ba wani hali na kasuwa ya kama ba.

Mai son ɗaukar shirin zuwa wata kasuwa sai ya gyara zatonsa. Bitcoin ba ya hutun Asabar da Lahadi, don haka kwana 200 ɗinsa wajen wata shida da rabi ne, alhali na hannun jari ya haura wata tara. A kasuwar Legas akwai iyakar kashi 10 da farashin hannun jari zai iya motsawa a rana, kuma ƙananan kamfanoni kan yi kwanaki ba a yi cinikinsu sosai ba. A irin wannan rana fayil zai nuna farashi, shirin zai rubuta cewa ka sayar, amma a zahiri babu mai saye. Haka nan sakamakon da ke naira sai an auna shi da tsadar rayuwa: a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, saboda haka duk watannin da dabarar ta zaunar da kai a kan tsabar naira, shirin yana rubuta sifili, alhali ƙarfin sayen kuɗin yana raguwa. Gyaran shi ne a samo ma'aunin farashin kayan masarufi na wata-wata daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a raba `dabara` da `rike` duka biyun da shi, sannan a sake kwatanta su.